"Sau Biyu a Rana": Matsalar Tazara a Fassarar Ƙa'idar Shan Magani a Yammacin Zamfara

Takardar da ake naɗowa cikin kwalin magani a Nijeriya da Turanci take zuwa, sai ma'aikacin asibiti ko mai kemis ya mayar da ita Hausa da baki. Idan takarda ta ce *twice daily*, abin da majiyyaci kan ji shi ne "sau biyu a rana" ko "safe da yamma". Fassarar ta kawo adadi, amma ta bar tazara a baya, alhali ga masu harhaɗa magani ma'anar ita ce a sha bayan kowace awa goma sha biyu, domin kada ƙarfin maganin ya ragu a cikin jini.

Annobar gubar dalma da ta bayyana a shekarar 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ta isa misali. Gubar ta fito ne daga dutsen zinare da ake daka wa a cikin gidaje, kuma ta hallaka yara kimanin 400. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yaran magani da DMSA, wanda ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Ƙa'idar da aka saba da ita a takardar maganin hawa biyu ce: miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, duk bayan awa takwas har kwana 5, sannan duk bayan awa goma sha biyu har kwana 14.

A ɗauki yaro mai kilo 10. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 100 zai riƙa sha, wato 15 a hawan farko da 28 a na biyu, jimilla 43 cikin kwana 19. Uwar da ba a fayyace mata canjin da ke zuwa a kwana na shida ba za ta ci gaba da ba shi sau uku, maganin ya ƙare mata a kwana na 15. Ƙirga ragowar ƙwayoyi kan tona irin wannan kuskure. Kuskuren tazara kuwa ƙirga ba ta nuna shi, domin adadin yana cika daidai.

Tushen matsalar yana cikin kalmar "rana" kanta. Tana nufin kwana guda cur, tana nufin lokacin haske kishiyar dare, tana kuma nufin tsakar yini, kamar a "safe da rana da dare". Mai sauraro yana da hujja idan ya fahimci cewa kafin faɗuwar rana za a gama shan. "Safe da yamma" ma ba ta tsira ba: ƙarfe takwas safiya ce, ƙarfe huɗu yamma ce, tsakaninsu awa takwas, sai jiki ya yi awa goma sha shida babu magani. A bakin mutanen Gummi da kewayenta ma "marece" aka fi ji, shi kuma yana farawa tun daga La'asar.

Ma'aunin da ya fi kusa da biyan bukata shi ne lokutan salla, waɗanda kowa ya sani ko ba shi da agogo. Daga Asuba zuwa Magariba a wannan yanki kimanin awa goma sha uku ne, saboda haka "bayan Asuba da bayan Magariba" ta fi "sau biyu a rana" aminci nesa ba kusa ba. Ta awa takwas ta fi wuya. Asuba da Azahar sun dace, amma Isha'i ta yi wuri, sai a ce "lokacin kwanciya, wajen ƙarfe goma".

*Before meals* ma tazara take ɓoyewa, domin galibi tana nufin rabin awa zuwa awa guda kafin a ci. "Kafin cin abinci" kuwa tana iya zama haɗiye ƙwaya ana wanke hannu. Sannan wanda ya sha koko ko fura yana iya cewa bai ci abinci ba, tunda sha ya yi. "Ciki babu komai, ko koko" ta fi fayyacewa.

*Contraindicated* kuma hani ne mai sharaɗi: maganin lafiyayye ne, amma ga mai wani hali cutarwarsa ta fi amfaninsa. "Bai dace ba" ta yi sanyi, kamar shawara ce. "Haramun ne" ta jawo hukuncin addini inda babu shi. Hausa ta fi isar da saƙon idan aka bar neman kalma guda, aka gina jimla da "kada", aka ambaci mutumin da dalilin. Hanin da ke takardar DMSA, alal misali, zai zama: "Kada a ba yaron da jikinsa ya taɓa ƙin wannan magani, domin yana iya tayar masa da ƙuraje masu tsanani."