Ƙurajen bayan biki: ɗan kunne ne, baƙin lalle ne, ko turare?

Galibin kayan ƙawar da ake shimfiɗawa a kasuwannin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela ta iyaka suke shigowa, daga Sakkwato da Kano ko daga nesa da nan: ƴan kunne da sarƙoƙi masu ruwan zinari, garin dayis na baƙanta gashi, da turare a kwalaben da sau da yawa ba su ɗauke da bayanin abin da ke ciki. Mafi yawan masu saye ba su ganin wata illa. Amma akwai waɗanda fatarsu ba ta jituwa da wani sinadari guda a cikin kayan nan, sai su yi ta fama da ƙaiƙayi da ƙuraje shekara da shekaru suna ɗora laifin kan zafi, ko kifi, ko sammu.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne jinkiri. Wannan cuta ba kamar ƙunar wuta take ba. A karon farko jiki yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 yana koyon gane sinadarin a matsayin abokin gaba, wani ma sai ya yi shekaru yana amfani da abin kafin hakan ta faru. Da zarar ya gane shi kuwa, ba ya mancewa. Daga nan duk lokacin da abin ya taɓa fata, ƙurajen sukan fito bayan kwana 1 zuwa 3, kuma sukan yi sati biyu zuwa uku kafin su kwanta, ko da an cire abin tun ranar farko. Saboda haka wadda ta tashi da ƙaiƙayi ranar Lahadi, sai ta tuno abin da ta sa a jikinta tun daga ranar Alhamis.

Mu ɗauki misalin amarya daga wani ƙauyen Illela. Ranar Alhamis an yi mata zanen baƙin lalle a hannu da ƙafa. Ranar Juma'a ta sa sabbin ƴan kunne da sarƙa daga cikin lefe, aka shafe ta da humra. Ranar Lahadi ta tashi da ƙaiƙayi, bayan hannunta ya kumbura, kunnuwanta suna tsattsafo da ruwa. Dangi suka ce maganin bature ne da ta sha, wasu suka ce baki ne. Ga abubuwa uku da ake tuhuma, kuma fatar da kanta tana ba da shaida in an dube ta da kyau.

A bayan hannu, ƙurajen sun bi zanen furen layi da layi, tsakanin layukan kuwa fata lafiya lau. Abinci ko ƙwayar magani ba su iya yin zane. Lalle na asali, ganyen da aka daka, ja yake bayarwa, sai an ƙunsa shi sa'o'i masu yawa, kuma da wuya ya kawo irin wannan. Wanda ke kamawa baƙi ƙirin cikin abin da bai kai sa'a guda ba, galibi an haɗa shi da dayis, wanda ke ɗauke da sinadarin parafenilen-diyamin, da ake taƙaitawa PPD a jikin kwali. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade shi kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an kwaɓa, ba ta kuma yarda a yi zane da shi a fata ba. Mai kwaɓawa a tsakar gida ba ta da ma'auni, kuma da yake baƙin ake yabo, hannunta yakan yi nauyi.

Kunnen kuma labarinsa daban. Ƙurajen sun tsaya a bakin hujin, akwai kuma tabo guda a ƙeya daidai inda maƙullin sarƙa ke kwanciya. Wannan aikin ƙarfen nikel ne, wanda ke ƙarƙashin ruwan zinarin. Ruwan bai da kauri, yana gogewa, gumi kuma yana narko nikel ɗin ya shiga fata. Shi ya sa abin ya fi tsananta a zafin Afrilu da Mayu. Tarayyar Turai ta sa wa nikel iyaka a kayan ƙawa tun 1994, amma hajar da ke isowa kasuwanninmu ba lalle ne ta bi wannan ƙa'ida ba. Ma'aikacin gwamnati da ke da ƙuraje ƙarƙashin agogo, ko ƙasan cibiya inda kan ɗamara ke gugarsa, ko a gefen kai inda tabarau ke zama, ciwonsu ɗaya da amaryar. Magini mai kwaɓa simintin Malbaza da hannu tsirara kuwa, in hannayensa suka tsattsage, wani ƙarfe ne daban, kurom, da ke cikin ɗanyen siminti.

Saura humra. Gefen wuya da hammata da tsintsiyar hannu, inda aka fi shafa ta, duk ba su yi kome ba, don haka zargi ya yi sauƙi a kanta. In ana son tabbatarwa, sai a bari fata ta warke sarai, sannan a riƙa ɗiga kaɗan a wuri guda cikin lanƙwasar gwiwar hannu, safe da maraice, har sati guda ko biyu. In ƙaiƙayi ya taso sai a daina, an kama ɓarawo. Abu ɗaya ake gwadawa a lokaci guda. Kada a yi wannan gwaji da dayis: maimaita shi a fata yana iya haifar da rashin jituwar ga wanda ma bai da ita.

Cikakken gwaji na likitan fata ne, kuma tun 1895 wani likita Bajamushe mai suna Jadason ya fito da shi. Ana manna sinadarai daban-daban a gadon baya, a bar su sa'a 48 ba jiƙawa, a cire a duba, a sake dubawa a kwana na uku ko na huɗu. Mutumin Ƙonni ko Illela sai ya yi tafiya kafin ya sami likitan fata, shi ya sa lura da wuri da lokaci ya zama abin yi na farko. Mai zuwa gidan likita ya tafi da kayan da yake zargi, har da kwalinsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen man betametazon ko kulobetazol a tebur. Yana kwantar da ƙurajen, sai a ɗauka an warke a koma wa ɗan kunnen. In aka daɗe ana shafa shi a fuska kuma, fata takan sirance ta yi dabbare-dabbare. Likita yakan ba da irinsa na ƴan kwanaki, amma bayan an raba fata da abin da ke cinta. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, sai duhu da kauri, kuma tabon zanen, baƙi ko fari-fari, yana iya yin watanni kafin ya baje.

Ga amaryar nan, hukuncin na tsawon rai ne. Ƴan kunnen za ta iya musanya su da zinari mai kyau ko na roba. Dayis kuwa ta rabu da shi, a hannu da a kai, domin ranar da ta rina furfura da shi fuskarta na iya kumbura har idanu su rufe, ko da shekara ashirin ta wuce. Kumburin fuska ko leɓe, ko numfashi da ƙyar, ba abin jinya a gida ba ne: a nufi asibiti mafi kusa nan take, na Ƙonni ko na Galmi ko na Tawa. Ƴan kasuwa da mata masu lalle su kuma su sani garin dayis guba ne in an sha. A Sudan da Maroko ya kashe mutane da dama ta hanyar kumbura maƙogwaro da lalata ƙoda, don haka a ɗaure bakinsa a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.