Mai Zuba da Mai Kame-kame: Yadda Likita Ke Bambance Ciwon Magana

Idan jini ya toshe ko jijiya ta fashe a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, magana kan lalace ko da harshe da maƙogwaro lafiyarsu lau. Likitoci na kiran wannan afasiya, kuma da abu uku suke rarrabe ire-irenta: yadda magana ke fita, yadda mutum ke fahimta, da yadda yake maimaita abin da aka faɗa masa.

Da farko likita zai ce, "Baba, me ya kawo ka asibiti?" sai ya kasa kunne. Wani zai yi ta kame-kame, da ƙyar ya ce, "Hannu... jiya... faɗi." Kalma biyu ko uku, babu ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla, ga takaici a fuskarsa domin ya san abin da yake son faɗa. Wannan ita ce afasiya marar gudana. Irinta Paul Broca ya bayyana a Faris a 1861, game da majinyacin da kusan ba ya iya furta komai sai "tan". Raunin yana gaban ƙwaƙwalwa, kusa da inda ke sarrafa motsi, shi ya sa sau da yawa hannun dama ma ya shanye.

Wani kuwa zai yi ta zuba, da karin murya mai kyau da dogayen jimloli, amma ba kai ba gindi. Zai kira cokali wuƙa, ko ya ƙago kalmar da babu ita. Carl Wernicke ne ya bayyana wannan a 1874, kuma rauninta yana can baya, saitin kunne. A ganina ta fi saurin yaudarar dangi: mutum yana tafiya da ƙafarsa, bai ma san maganarsa ta rikice ba, sai a ce taɓin hankali ne ko iska, alhali gaggawar zuwa asibiti ake bukata.

Gwajin fahimta ne ke raba gardama. Likita zai ce, "Nuna min ƙofa, sannan ka taɓa hancinka," ba tare da ya yi nuni ko ya kalli ƙofar ba, don majinyaci kan bi ishara ya ci gwajin da bai gane ba. Mai kame-kame yakan yi daidai, sai dai jimla mai sarƙaƙiya ta ba shi wuya. Mai zuba yakan kasa. Amma a tabbatar kunnensa na ji, kuma da harshen da ya iya ake tambayarsa.

Maimaitawa kuwa duka biyun tana gagararsu, amfaninta shi ne tono sauran ire-iren. Wanda maganarsa ke gudana, yana kuma fahimta, amma "Audu ya sayi goro a kasuwa" ta gagare shi maimaitawa, an fi zargin rauni a hanyar da ta haɗa wuraren biyu. Wanda ke maimaitawa tsaf alhali ba ya iya fara zance, rauninsa yana gefen cibiyar maganar ne. Idan duka ukun sun rushe, ɓarnar ta ci gaba da baya.