Gig 200 na Hotuna: Ta Intanet ko Ta Kebul?

Shirin namu na yau daga ɗakin ƙanena ya samo asali.

Ƙanen nawa mai ɗaukar hoton biki ne a nan Kano. Shekara shida ke nan yana yawon kamu da ɗaurin aure da suna da walimar sauka, duk abin da ya ɗauka kuma yana jibge a tsohuwar laftof ɗinsa, wadda yanzu fankarta ke gurnani kamar injin markaɗe. Da Allah ya hore masa sabuwa, sai ya kira ni da daddare.

"Yaya," in ji shi, "tun shekaranjiya nake ɗora hotunan nan a intanet don in sauke su a sabuwar, ko kashi ɗaya bisa huɗu ba su kai ba, kuma data ta ƙare."

Na ce nawa ne nauyinsu? Ya ce gigabait 200, fayil kusan dubu 31.

To a nan za mu tsaya mu yi lissafin da bai yi ba kafin ya danna.

Kamfanonin sadarwa da megabit suke auna gudun intanet, nauyin hoto kuwa da megabait ake auna shi. Sunayen sun yi kama, shi ya sa mutane ke ruɗewa, amma megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya. Sai wani abu kuma: a layin waya, gudun ɗorawa yawanci bai kai na saukewa ba, domin an tsara layin ne da la'akari da cewa abin da mutane ke kallo ya fi abin da suke aikawa yawa. Ƙanena yana ganin bidiyo na tafiya sumul a wayarsa, sai ya ɗauka haka kayansa za su hau. Da muka auna a ɗakinsa, gudun ɗorawar megabit 5 ne a daƙiƙa. Wato ko megabait ɗaya cikakke ba ya hawa a daƙiƙa guda, alhali hoto ɗaya na kyamararsa yakan kai megabait shida ko bakwai.

A wannan gudu, gig 200 na bukatar kusan awa 89. Kusan kwana huɗu ke nan, dare da rana, idan ba a ɗauke wuta ba, sabis bai yi ƙasa ba, laftof ɗin ma ba ta yi barci ba. Ku faɗa mini gidan da waɗannan sharuɗɗa uku suka taɓa cika kwana huɗu a jere.

Kuma wannan rabin tafiya ne. Kayan da ya hau sai an sauko da shi a sabuwar na'ura, saukewar ma data take ci, gig da gig. Gig 200 hawa, gig 200 sauka, 400 ke nan, domin kai hotuna daga wannan teburi zuwa wancan a cikin ɗaki ɗaya. Farashin data yana canjawa, don haka kowa ya yi nasa lissafin: raba kuɗin da ka biya da yawan gig ɗin da aka ba ka. A ce, don misali kawai, gig ɗaya ya kama maka naira 500. To naira dubu 200 za ta tafi. Wanda ke taƙama da tsarin da aka ce ba shi da iyaka, ya karanta sharuɗɗansa da kyau, domin da yawa daga irinsu sukan rage gudu idan ka wuce wani adadi, sai kwana huɗun nan su koma makonni.

Ga kuma kuɗin haya. Rumbun intanet, wanda matasa ke ce wa kilawud, ɗakin ajiya ne na wani. Google gig 15 yake bayarwa kyauta, kuma a cikinsu ne saƙonnin Gmail da fayilolin Drive ke zaune tare da hotuna. iCloud na Apple gig 5 ne. A da Google Photos yana karɓar hotuna ba iyaka idan ka yarda a ɗan matse su, amma an rufe wannan ƙofa tun 1 ga Yuni, 2021. Mai gig 200 dole ya biya, wata bayan wata, muddin kayansa na can. Shi ƙanena har ya riga ya biya na wata ɗaya.

(Kiɗa a taƙaice)

Washegari na je masa da faifan ajiya na waje, wanda 'yan kasuwa ke ce wa hadiraif. Bari in share wani kuskure tukuna: kebul ɗin USB na yau da kullum ba ya haɗa laftof biyu kai tsaye su yi musayar kaya. Abin da aka saba shi ne a kwafa daga tsohuwar zuwa faifan, sannan daga faifan zuwa sabuwar. Aiki biyu ne, amma ka samu riba, tunda kwafi na biyu ya zauna a faifan.

Muka jona, muka fara. Kwamfuta ta ce saura kusan awa biyu. Ƙanena har ya fara murna, ni kuwa na leƙa gefen laftof ɗin. Ramukan USB iri biyu ne a jikinta. Wanda muka soka baƙi ne daga ciki, wato USB 2.0, wanda a aikace ba ya wuce megabait 30 da 'yan kai a daƙiƙa. Na ɗaya gefen shuɗi ne, alamar USB 3.0. Muka tsayar, muka koma shuɗin, gudu ya haura zuwa kusan megabait 100 a daƙiƙa. A lissafi minti 33 ne. A zahiri ya ɗauki wajen minti 50, saboda dubban ƙananan fayiloli sun fi babban fayil guda cin lokaci. Kowanne sai an buɗe masa wuri an rubuta sunansa, kamar mai dakon da ke kwasar kaya ƙulli-ƙulli maimakon buhu. Kafin mu gama shan shayi, aikin da ya hana shi barci kwana biyu ya kammala, ko megabait ɗaya na data bai tafi ba.

Sai dai kebul ma yana da nasa tarkon, kuma mun faɗa ɗaya. Da kwafin ya ƙare, na hana shi taɓa tsohuwar laftof ɗin. Na danna dama a kan foldar asali, na zaɓi Properties, na rubuta yawan fayil da nauyinsu a takarda, sannan na yi haka a kan kwafin. Fayil shida sun yi ɓatan dabo, nauyin kuma ya ragu da kusan gig 30.

"Ai wani saƙo ya fito lokacin da ka fita alwala," in ji shi, "na danna Skip."

Bidiyoyin biki ne guda shida, kowanne ya haura gig 4. Faifan da na kawo tsoho ne, an tsara shi a kan FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gig 4 komai yawan filin da ya rage. Maganinsa a mayar da faifan exFAT, wanda Windows da Mac duk suna karantawa su rubuta a kai. Amma sake tsara faifai yana goge duk abin da ke cikinsa. Saboda haka muka fara juye abin da ya shiga zuwa sabuwar laftof, muka tabbatar ya isa, muka sake tsara faifan, sannan muka maimaita kwafin gaba ɗaya. Da ya bi zuciyarsa ya goge tsohuwar laftof a daren don ya sayar, da bikin mutum shida ya tafi, sai ranar da amarya ta aiko neman nata za a sani.

Masu kwasowa daga waya, ku ma ga naku. Ba kowane kebul ne ke ɗaukar fayil ba. Akwai na caji zalla, ka jona waya ta yi ta caji kwamfuta ba ta san da ita ba. Idan Android ce, bayan ka jona sai ka ja sanarwar da ke sama ka zaɓi File transfer, hotunan kyamara kuma suna cikin foldar DCIM. Kada bakin kebul ya yaudare ka: wayoyi da dama masu USB-C gudun USB 2.0 suke yi. Mai iPhone kuma ya duba ko Optimize iPhone Storage a kunne yake. Idan haka ne, cikakkun hotuna da yawa suna iCloud, ƙananan samfuransu ne kawai a wayar, kebul kuwa ba zai kwaso abin da ba ya nan ba. A irin wannan hali babu makawa sai an sauke su, sai an kashe data.

Wani zai ce to ashe rumbun intanet ba shi da amfani. Yana da shi, a wani wurin daban. Laftof da faifai da ke kwana a jaka ɗaya, ɓarawo ɗaya ne ke ɗauke su, gobara ɗaya ce ke cinye su, hadiraif kuma faɗuwa ɗaya daga kan teburi na iya gamawa da shi. Kwafin da ke nesa shi ne ke tsira daga wannan. Haka nan idan ango yana Jidda hotuna suna Kano, babu kebul ɗin da zai kai. Amma wanda zai ɗora ya lura da abu biyu. A Google Photos, zaɓin Storage saver yana matse hoto, wanda ya wuce megafiksel 16 a rage shi, bidiyo kuma a mayar da shi 1080p; mai sana'ar da zai wanke babban hoto Original quality zai zaɓa, ya haƙura da nauyin. Na biyu kuma, idan waya da rumbun suna tafiya tare, goge hoto a cikin manhajar yana goge shi a can ma. A iCloud kwana 30 yake yi a kwandon shara, daga nan shi ke nan.

Abin da muka tsayar da ƙanena shi ne wannan. Gig 200 ɗin nan suna sabuwar laftof, suna kuma faifan, faifan kuma yanzu a gidana yake kwana, ba a jakarsa ba. Intanet kuwa ya daina zuba masa komai da komai. Daga kowane biki yana tsamo hotunan da ya gyara ya miƙa wa masu shi, kamar 150, abin da bai fi gig ɗaya ba. A gudun ɗakinsa wannan kusan rabin awa ne, yana ɗorawa bayan sallar asuba lokacin da layin bai cika ba. Tsohuwar laftof ɗin kuma na ce ya bar ta wata guda, yana buɗe tsofaffin bukukuwa a sabuwar jefi-jefi yana dubawa, kafin ya kai ta kasuwa.

Jiya ya kira ni, wai wani dillali ya taya ta. Na ce masa saura kwana goma sha ɗaya.