Kyamara ɗaya, hira ɗaya: yadda za ka matso da fuska ba tare da ka ɓata hoto ba

A zangon karatun da ya wuce an ba mu aikin haɗa bidiyon hira na minti biyar. Na ari tsayuwar kyamara mai ƙafa uku, na kafa wayata a gaban wani dattijo marini, ya yi ta ba ni labarin sana'arsa. Da na zauna tacewa sai gabana ya faɗi. Maganar akwai daɗi, amma hoton bai motsa ba ko sau ɗaya, kamar fasfo ne ya koyi magana. Komawa kuma ba ta yiwuwa, don Baba ya riga ya yi tafiya.

Abin da ya cece ni shi ne zum na sannu, wato ka sa hoton ya riƙa matsowa kusa da fuskar mai magana a hankali lokacin tacewa, kamar kyamarar ce ke tafiya. Sai dai karon farko na kwafsa.

Na ɗauki hirar ne a 1080p, wanda faɗinsa fiksel 1920 ne. Da zumuɗi na ƙara girman hoton zuwa kashi 140. Abin da ban gane ba shi ne, wannan zum ɗin yanka ne kawai. Manhajar ta ɗebi fiksel kusan 1370 daga tsakiya, ta ja su har suka cika gurbin 1920. A waya ban ga aibu ba, amma da na buɗe a kwamfuta sai na tarar furfurar gemun Baba ta haɗe wuri guda, idanunsa sun dushe. A nan ake gane an wuce gona da iri: duba gashi da idanu da zanen hula.

Saboda haka, in a 1080p ka ɗauka kuma a 1080p za ka fitar, kada ka zarce kashi 110 zuwa 115. In wayarka na ɗaukar 4K, mai faɗin fiksel 3840, to kana da sarari har ninki biyu, muddin a 1080p za ka fitar da aikin.

Ga yadda na gyara. A CapCut na kwamfuta, na je daidai inda Baba ya fara ba da labarin ranar da mahaifinsa ya miƙa masa karofi. Na yanka wannan gaɓar mai daƙiƙa goma ta zama ita kaɗai. A farkonta na danna alamar keyframe, mai kama da ɗan lu'ulu'u, kusa da Scale, na bar shi a 100. A ƙarshenta na sake sa wata, na mai da shi 108. Manhajar ce ke cike tsakanin da kanta. Mai amfani da Premiere Pro zai sami Scale ɗin a Effect Controls, ƙarƙashin Motion.

Kashi takwas cikin daƙiƙa goma bai kai kashi ɗaya a daƙiƙa ba, kuma haka ake so. Mai kallo ya ji yana ƙara kusantar mai magana, amma bai san dalili ba. Da zarar abokinka ya ce "kai, ka yi zum a nan," to ya yi sauri.

Akwai wani tarkon kuma. Zum yana nufar tsakiyar hoto ne, alhali idanun mutum suna sama da tsakiya. Hoto na girma, kai na hawa sama, har bakin firem ya fara cin hular Baba. Maganinsa shi ne ka sa keyframe a Position ma, a wurare biyun nan, ka ɗan sauko da hoton a na ƙarshe. Na riƙa ɗora yatsa a allo daidai idanunsa ina kunnawa. In idanun suka gudu daga yatsana, sai in sake gyarawa.

Saura tambayar sau nawa. Da farko na sa zum a kowace jimla, kallon ya koma kamar kana cikin kwalekwale. A ƙarshe sau huɗu kawai na bari cikin minti biyar, kowanne a inda maganar ta yi nauyi. Bayan kowane zum, sai in jira inda na yanke tari ko dogon shiru, in koma 100 a nan. Sauyin girman ya ɗan rufe tsallen da yankan ke haifarwa.

Ranar da aka haska aikin a aji, malaminmu ya yi tambaya a kan rini da baba da toka. Babu wanda ya ambaci zum. Hira ta gaba kuwa a 4K zan ɗauka, in ja kyamarar baya kaɗan, in bar sarari a saman hula.