Hotuna goma sha biyu: tsara wata guda a shafin shagon gyaran farce

Kafin mace ta taka ƙofar shagon gyaran farce, yawanci ta riga ta leƙa shafinsa na Instagram. Ba hoto ɗaya take kallo ba, jerin duka take gani, uku-uku a kowane layi. Idan wannan ya yi duhu, na gefensa ya yi ja, wani kuma an kwafo shi daga shagon waje, sai ta kasa gane aikin hannun mai shagon. Maganin wannan shi ne a zauna sau ɗaya a tsara watan gaba ɗaya.

A ɗauki shago mai ma'aikata biyu a Kano ko Kaduna. Hoto uku a mako ya ishe shi, goma sha biyu ke nan a wata. Da yake layin uku yake ɗauka, kowane mako zai cika layi guda. Ranar Talata a sa aikin da aka gama. Ranar Alhamis a sanar da farashi da lokutan da suka rage, domin masu shirin bikin ƙarshen mako a lokacin suke neman wuri. Ranar Asabar a yi ɗan bayani ko gajeren bidiyo. Idan aka riƙe haka, kowane iri zai sauka a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Amma hoto ɗaya da aka cusa a tsakani ko aka goge zai ture jerin duka, don haka labarin gaggawa, kamar wata ta fasa zuwa wuri ya samu, a kai shi matsayin WhatsApp, inda yake ɓacewa bayan awa 24.

Bayanan Asabar huɗu su fito daga bakin masu zuwa shagon. Farcen jel yakan yi mako biyu zuwa uku, na akirilik kuma yana son ciko a daidai wannan tsakanin, saboda haka tunatarwar ciko ta dace da mako na uku. Wani makon a nuna abin da ke faruwa idan aka ɓamɓare farcen da ƙarfi: yana tafiya da saman farcen asali, ya bar shi sirara. Sai batun alwala, wanda bai kamata a yi masa nuƙu-nuƙu ba. Jan farce da jel suna hana ruwa taɓa farce, shi ya sa mata da yawa suke zaɓar lalle, ko su jira kwanakin da ba sa salla. A ganina shagon da ya faɗi wannan a fili, ya kuma nuna aikin lallensa, ya fi samun amana. Na huɗu a bar wa tsabtar kayan aiki.

Kamannin hoto ya fi dogara da wurin ɗauka fiye da tsadar waya. A ware kusurwa ɗaya kusa da taga, da ƙyalle ɗaya mai launi sassauƙa, a riƙa ɗauka da hasken rana wanda ba ya dukan hannu kai tsaye. A shafa mai a gefen farce sannan a goge rarar, kada yatsu su yi maiƙo. A guji tace launi, domin yana mayar da ja ya koma ruwan goro, mai saye ta zo da hoton a wayarta ta tarar ba haka kwalbar take ba. Kuma a nemi izinin mai hannun, ko da fuskarta ba ta fito ba, don zobe ko zanen lalle kan sa a gane mutum.

Murya kuwa shawara ce da ake yankewa tun farko. Za a ce “Hajiya, ki zo” ne ko “ku zo”? Duk wanda aka zaɓa, a tsaya a kansa. A rubuta a takarda gaisuwar buɗewa, yadda ake faɗin farashi, da jimlar rufewa, don kada a ji bambanci idan yarinyar shago ce ta rubuta. Farashi a faɗe shi ƙarara. “A yi mana magana ta ciki” yana korar mai jin kunyar tambaya.

Da zarar hotuna sun taru, zama ɗaya ya isa a jera su a Meta Business Suite, wanda yake sakin su a Instagram da Facebook a ranar da aka sa masa, kyauta. A ƙarshen wata a buɗe Insights a duba waɗanda aka fi adanawa da turawa, a gwama da littafin shago. Idan hotunan Talata suna tara yabo amma na Alhamis ba sa kawo saƙo, a wata mai zuwa a fara da gyara yadda ake rubuta farashi da lokaci.