Idan Hatimi Ya Rufe Lamba a Jadawali

A hoton tsohon jadawalin ƙidayar masu magana da harsuna, hatimi ko sa hannu ko tabon tawada kan rufe wani gurbi. Idan mai kwafi ya bar gurbin fayau, za a zaci ba a ƙidaya ba. Idan ya rubuta 0, ya ƙirƙiro adadi.

A ce ana ganin 1 da 7, hatimi ya danne lambar tsakiya. Sai a rubuta 1[?]7. Idan jimillar layin 420 ce, sauran gurabe kuma sun tashi 283, saura 137. A rubuta 1[3]7, a bayyana a ƙasan jadawali cewa lissafi ne ya ba da 3, ba ido ba. Idan gurbi biyu suka rufu ruf a layi ɗaya, jimilla ba za ta raba su ba, sai a nemo takardar asali.