Inji Mai Shekara Uku Ko Mai Shekara Shida?

A ɗauka mai niƙa ya shiga kasuwa da niyyar sayen inji, ya tarar da guda biyu. Ƙaramin naira 500,000 ne, shekara uku zai yi ya mutu. Babban naira 850,000, amma sai ya kai shekara shida. Kowanne yana barin naira 350,000 a shekara bayan an cire kuɗin mai da gyara da ladan yaron shago.

Lissafin bakin kasuwa shi ne a raba farashi da shekaru, sai babban ya fito da araha. Inda aka yi tuntuɓe shi ne, naira ta yau ta fi ta baɗi daraja, musamman ga wanda jarinsa ke cin kashi 20 cikin ɗari a shekara, ko ta kuɗin ruwan banki ko ta ribar da zai samu a wata sana'a.

Don haka masana harkar kuɗi ke fara dawo da ribar kowace shekara zuwa darajarta ta yau, su haɗa, su cire farashin injin. Abin da ya saura shi ake rubutawa NPV. Ƙaramin ya bar kusan naira 237,000, babban kusan 314,000. Nan ma babban ne a gaba, sai dai an gwada gudun shekara uku da na shekara shida, alhali mai ƙaramin inji ba naɗe hannu zai yi ba idan nasa ya mutu. Wani zai saya.

Maganin shi ne a mayar da kowace riba tamkar albashi, adadi ɗaya da ake karɓa duk shekara har injin ya ƙare:

```
EAA = NPV × r / (1 − (1 + r)^−n)
```

A nan r tsadar jari ce, wato 0.2, n kuma yawan shekaru. Albashin ƙaramin ya kama kusan naira 113,000, na babban kusan 94,000. Reshe ya juye. Mai shakka ya gwada sayen ƙaramin sau biyu a jere a takarda: darajar ribarsa a yau za ta kai kusan 375,000, ta wuce 314,000.

Hukuncin bai tsaya da ƙafarsa ba. Da jarin kashi 10 kawai yake ci, babban ne zai yi nasara da kusan 155,000 a kan 149,000, domin kuɗi mai rahusa ba ya jin zafin jira.

Babban rauninsa kuwa shi ne zaton cewa bayan shekara uku za a samu injin a tsohon farashi. Duk wanda ya ga yadda kayan waje suka tashi bayan faɗuwar naira a 2023 ya san zaton yana da haɗari. Idan ana tsammanin tashin farashi, gara a jera sayayya biyun na shekara shida, a sa sabon farashi a ta biyu, sannan a kwatanta.